Yara sun haddace π = 180 amma ba su san inda radiyan 2 yake ba

Malama Hadiza (Ƙofar Kaura):
Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawara a kan darasin radiyan da da'irar da rediyos ɗinta ɗaya ne. 'Yan ajina na SS2 suna iya mayar da 60° zuwa π/3, su mayar da 3π/4 zuwa 135°, ba gargada. Jiya na zana da'ira a allo na ce wani ya fito ya nuna mani inda kusurwar radiyan 2 take. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya mai ƙoƙari ta ce ai tambayar ba ta cika ba, tunda babu π a jikin lambar. Wani kuma ya ce digiri 360 ne, wai 2 sau 180. Haka sin 150°, sun san 0.5 ne don sun haddace ƙa'idar CAST ta alamun sin, cos da tan a rubu'i huɗu na da'ira, amma in ka ce me ya sa, sai kallo. Ta ina kuke faro wannan darasi?

Malam Bishir:
Wa alaikumus salam Malama. Ni ban ga matsala ba. π daidai yake da 180, shi ke nan. In za ka je radiyan ka ninka da π/180, in za ka dawo ka ninka da 180/π. Abin da jarrabawa ke tambaya ke nan. Zangon karatu gajere ne, manhaja kuma doguwa.

Malam Lawal (Daura):
Malam Bishir, ƙa'idar juyawar da ka kawo daidai ce, amma jimlar farko ita ce ta haifar wa Malama abin da take kuka da shi. π bai taɓa zama 180 ba. π lamba ce, 3.14 da 'yan kai, a darasin kewayen da'ira haka take, a nan ma haka take. Abin da yake gaskiya shi ne kusurwar radiyan 3.14 da 'yan kai ita ce kusurwar digiri 180. Yaron da aka gaya wa "π = 180" ya ɗauka π wata alama ce da ake cirewa a sa 180 a gurbinta, don haka in ya ga 2 tsurarta ba shi da abin cirewa, sai ya tsaya.

Ni ba na ambaton π ko kaɗan a rana ta farko. Fita muke yi filin makaranta da ƙusa, da igiya, da tef ɗin awo na tela. A kafa ƙusa, a ɗaura igiya mai tsawon mita ɗaya, a ja da'ira a ƙasa. A ja layi daga ƙusa zuwa bakin da'ira ta hannun dama, nan ne mafari. Sai a yanko wata igiyar mita ɗaya cif, a kwantar da ita a kan zanen da'irar kansa, tana bin lanƙwasarsa, daga mafari zuwa inda ta ƙare, ana tafiya saɓanin hannun agogo. Inda ta ƙare a sa dutse, a rubuta 1 a ƙasa. Kusurwar da ke tsakanin mafari da wannan dutse, in ka tsaya a ƙusa ka duba, ita ce radiyan ɗaya. A ɗaga igiyar a ci gaba daga dutsen: 2, 3, 4, 5, 6. Bayan ta shida ba a iso mafari ba, akwai ɗan saura. In sun auna da tef za su samu kusan santimita 28. Wato zagaye ɗaya radiyan 6.28 ne. Sai ka tambaye su ina suka taɓa ganin 6.28, ko rabinta 3.14. Da bakinsu za su ce π.

Daga nan tambayar Malama ta zama wasa, domin dutsen da aka rubuta wa 2 yana nan a ƙasa, ya ɗan wuce saman da'irar ya karkata hagu.

Malama Hadiza:
Baba Malam, wannan ya yi mani. To amma 'yan ajina sun haura saba'in, kuma darasin minti arba'in ne. Kafin mu fita mu dawo an kaɗa ƙararrawa.

Malam Lawal:
To ki yi shi a kan takardar giraf, su zauna biyar-biyar ko shida-shida. Rediyos santimita 10, ki ce masu wannan tsawon shi muke kira ɗaya. Amfaninsa shi ne kowace santimita ta zama 0.1, ƙaramin gida na milimita biyu kuma ya zama 0.02, karanta lamba ba wahala. Cikakkiyar da'ira ba ta cika shiga takarda guda ba, don haka ko a haɗa takarda biyu da gam, ko a kwantar da takardar a zana rabin sama kawai. Rabin sama ya isa ranar farko.

Kada ki ba su zaren saƙa ko wani mai talewa, in suka ja shi sauran zai ɓace. Siririyar takarda da aka yanko aka yi mata alama kowace santimita ta fi, a tsayar da ita a gefenta tana bin lanƙwasar. Tef ɗin tela ma yana yi.

Abdul (ɗalibin NCE, ina koyon koyarwa):
Ranka ya daɗe na gwada yanzu a ɗaki, amma ni shida cif na samu, ba saura. Na buɗe kamfas daidai rediyos, na riƙa takawa a bakin da'irar, taku na shida ya faɗa kan mafari daidai. Ko dai zagaye ɗaya radiyan shida ne, 0.28 ɗin kuskuren igiya ne?

Malam Lawal:
Madalla da ka gwada, ƙanena, kuma awonka daidai ne. Sai dai kamfas ba ya bin lanƙwasa, tsallakawa yake yi a miƙe daga ɗigo zuwa ɗigo. Duba abin da taku ɗaya ya haifar: daga tsakiya zuwa ɗigon farko rediyos, daga tsakiya zuwa na biyu rediyos, tsakaninsu a miƙe kuma rediyos. Alwatika ce mai gefe uku daidai, kusurwarta 60°, shida irinta 360°. Shi ya sa ta rufe cif. Igiya kuwa da ta lanƙwasa, tsawon nan ɗaya ba zai kai ta inda kamfas ya kai ba, ta ɗan gaza. Shi ya sa radiyan ɗaya bai kai 60° ba, kusan 57.3° ne. Gazawar kusan digiri 2.7 ce a kowane taku, sau shida ta taru ta zama digiri 16 da ɗoriya, ita ce 0.28 ɗin da ka nema ka rasa.

Ina ba ka shawara ka yi duka biyun a gaban aji, kamfas da igiya a kan da'ira ɗaya. Yaron da ya ga ɗigon 60° da ɗigon radiyan ɗaya kusa da juna, ɗaya gaba kaɗan, ya samu ma'aunin da zai riƙa ƙiyasi da shi: radiyan 2 bai kai 120° ba, radiyan 3 bai kai 180° ba.

Abdul:
Na gane, na gode Malam. Na auna bakan 60° da tef, santimita 10 da rabi ya ba ni.

Malam Lawal:
Haka ne, 10.47. Ka raba da 10 ka samu 1.047, ita ce π/3.

Malam Bishir:
Duk na ji, kuma na yarda 3.14 ce ba 180 ba. Amma Malama ta kuma tambayi sin 150°. Igiya ba za ta ba yaro sin ba. Can dole a koma ƙa'idar SOHCAHTOA ta gefunan alwatika, da CAST.

Malama Rabi (ilmin lissafi mai zurfi, SS3):
Za ta ba shi, Malam, in an kafa da'irar a kan layin x da layin y. Inda igiyar ta ƙare ɗigo ne, kuma kowane ɗigo yana da x da y. Tsayinsa daga layin kwance shi ne sin, nisansa dama ko hagu daga layin tsaye shi ne cos. Ba sabon abu ba ne dabam da SOHCAHTOA: ka sauko da layi daga ɗigon zuwa layin x, ka samu alwatika mai kusurwar 90°, dogon gefenta shi ne rediyos, wato ɗaya. Gefen da ke fuskantar kusurwa a raba da ɗaya, shi ne dai gefen. Bambancin kawai, alwatika tana ƙarewa a 90°, ɗigo kuwa yana ci gaba da tafiya.

Ga yadda nake bi da 150° ɗin, a kan takardar santimita 10 da Malam Lawal ya ce.

Da farko 30°. Rabin da'ira santimita 31.4 ne, 30° kuma kashi ɗaya ne cikin shida na rabin, don haka su auna santimita 5.2 a kan lanƙwasa daga mafari, su sa ɗigo. Su karanta: tsayi santimita 5, nisa dama kusan 8.7. Wato sin 0.5, cos 0.87. A nan nake tsayawa in tambaya, 0.5 ɗin nan cif ce ko kusan ce? Fensir ba zai iya amsawa ba. Sai mu sa wani ɗigon a ƙasan layin x, daidai ƙarƙashin na farko, 30° ta ƙasa. Rediyos biyu, tsakaninsu 60°, ga alwatikar Abdul ta dawo. Layin da ya haɗa ɗigon sama da na ƙasa tsawonsa ɗaya ne, layin x kuma ya raba shi biyu daidai. Rabi cif. Ɗaya gefen kuma Pythagoras ya ba da shi:

x² + (1/2)² = 1, don haka x² = 3/4, x = √3/2 ≈ 0.866

Nan ne √3/2 ke daina zama abin tsoro, domin sun riga sun karanta 0.87 da idonsu kafin su ga alamar.

Sai 150°. Taku biyar ne irin na 30°, wato 5π/6, a lamba 2.62, a takarda santimita 26.2. Su auna su sa ɗigo. Saura nawa ya kai ƙarshen rabin da'ira? 31.4 a cire 26.2, santimita 5.2. Daidai da abin da ɗigon farko ya yi nesa da mafari. In ka naɗe takardar a kan layin y, ɗigon biyu za su haɗu. Tsayi ɗaya, don haka sin 150° = 0.5. Nisa ɗaya amma ta hagu, don haka cos 150° = −0.866. Ba wanda ya ambaci CAST, amma ga ta nan: a rubu'i na biyu ɗigo yana sama, yana hagu.

Malama Hadiza:
Yaya Rabi, naɗe takardar nan shi ne abin da nake nema. Kuma radiyan 2 ɗin da na tambaye su, ke nan za su iya karanta sin da cos ɗinsa ba kalkuleta?

Malama Rabi:
Sosai. Santimita 20 a kan lanƙwasa. Za su karanta tsayi kusan 9.1, hagu kusan 4.2. Kalkuleta za ta ce 0.909 da −0.416. Ki ba su 1 da 3 ma: na 1 yana kusan (0.54, 0.84), na 3 yana kusan (−0.99, 0.14), dab da ƙarshen rabin da'ira. In wani rukuni ya kauce da gida ɗaya ko biyu ba komai, kaurin fensir ne. In ya kauce da santimita guda, ko dai a miƙe suka auna, ko ba daga sifirin tef suka fara ba.

Akwai wata tambaya da nake so ki yi masu don ki gane ko abin ya zauna. Tunda sin 30° rabi ne, me ya hana sin 60° ya zama ɗaya? Da yawa haka suke zato a zuci ko ba su faɗa ba. A kan da'ira za su ga taku uku na 30° daga mafari zuwa 90° tsawonsu ɗaya a lanƙwasa, amma hawansu ba ɗaya ba: na farko ya hau 0.5, na biyu ya ƙara kusan 0.37, na uku kusan 0.13 kawai. A farko ɗigon kusan miƙewa sama yake yi, can kusa da ƙololuwa kuma kusan a kwance yake tafiya. Wanda ya iya faɗin wannan da bakinsa, zanen giraf ɗin sin ba zai ba shi wahala ba.

Alhaji Mu'azu (uba ne, ba malami ba):
Ku gafarce ni malamai, an sa ni cikin zauren nan ne saboda kwamitin iyaye. Tunda ana maganar sin, ɗana ya dawo gida yana cewa kalkuletar da na saya mashi jabu ce. Ya danna sin 30 ta ba shi −0.988, ta abokinsa ta ba da 0.5. In mayar wa mai shago ne?

Malam Bishir:
Alhaji kada ka mayar, lafiyarta lau. Ya duba saman gilashin, zai ga ƙaramin harafin R ko RAD. Ya mayar da ita D ko DEG. Wannan kam yana cinye wa yara maki a jarrabawa. Ni kullum ina ce masu kafin su fara aiki su danna sin 30, in ba 0.5 suka gani ba su gyara.

Malam Lawal:
Shawarar Malam Bishir ita ce magani, Alhaji. Amma Malama Hadiza, ki ɗauki lambar nan ki kai aji, darasi ce guda. Kalkuletar ta fahimci radiyan 30 ne, wato a naɗa igiya mai tsawon rediyos sau talatin a jikin da'ira. Zagaye ɗaya 6.283, zagaye huɗu 25.13, saura 4.87. Ƙasan da'ira can gindi yana kan kashi uku cikin huɗu na zagaye, wato 4.71. To 4.87 ya ɗan wuce gindin kaɗan. Tsayinsa dole ya kusa −1. Ga −0.988. Na'urar amsa ta gaskiya ta bayar, tambayar ce ta ji daban.

Haka abin yake a Excel ga masu shigar da maki a kwamfuta, radiyan yake ɗauka:

```
=SIN(30)
=SIN(RADIANS(30))
```

Na farko −0.988, na biyu 0.5.

Alhaji Mu'azu:
Ya duba, R ce. Allah Ya saka da alheri.

Malam Bishir:
To ni ga tambayar da yara ke yi mani, kuma ina ganin suna da gaskiya. Digiri yana aiki, lambobinsa masu daɗi, 30, 45, 60, 90. Me ya sa za mu bar shi mu koma 0.524 da 1.047? In don jarrabawar lissafi na gama-gari ne, kusan duk tambayoyin da digiri suke zuwa.

Malama Rabi:
Ba barinsa za a yi ba. 360 zaɓi ne na mutane, ya samo asali daga ƙidayar sittin-sittin ta mutanen Babila, kuma yana rabuwa da lambobi da yawa, shi ya sa yake da daɗi. Radiyan kuwa da'irar ce ke auna kanta, shi ya sa tsawon baka ke fitowa kai tsaye: s = rθ. Ɗauki darasin latitud da muke yi a SS3. Katsina da Daura duka suna wajen digiri 13 arewa da ikwaita. Yara suna rubuta 13/360 × 2πR suna ta fama. 13° a radiyan 0.227 ne. Ma'anarsa mun yi tafiyar 0.227 na rediyos ɗin duniya daga ikwaita. Ninka da kilomita 6400 da ake amfani da shi a jarrabawa, ka samu kusan kilomita 1450. Lissafi ɗaya ne, amma a na biyun yaro ya san abin da lambar ke nufi.

Babban dalilin kuma yana gaba. Ka sa su auna santimita 1 kacal a lanƙwasa, radiyan 0.1, su karanta tsayi. Ba za su iya bambance shi da santimita 1 ba, domin sin 0.1 = 0.0998. Ga ƙaramar kusurwa, sin θ kusan θ ne, amma sai in da radiyan aka auna. A kan wannan ne ƙa'idar d/dx (sin x) = cos x ta tsaya. In da digiri ne, sai π/180 ta maƙale a gaban cos ɗin, a yi ta jan ta duk inda aka je. Ɗalibin da zai shiga jami'a ko kwalejin ilmi ya karanta lissafi, fiziks ko injiniyanci, shekarar farko zai ci karo da wannan.

Malam Bishir:
Ga 'yan ajinki na yarda. Ga 'yan gama-gari har yanzu ina ganin a fara da'irar da digiri, su san sin da cos a matsayin tsayi da nisa, su saba da rubu'i huɗu, sannan radiyan ya biyo baya in lokaci ya bari. Sabon abu biyu a mako ɗaya ya yi masu yawa.

Malam Lawal:
Ni kuma tsorona in aka fara da digiri, radiyan zai zo a matsayin aikin juyawa kawai, mu koma inda Malama Hadiza ta faro. Igiyar da ta ba da kusurwa ita ce ta ba da ɗigon, ban ga dalilin raba su ba. Amma ban ce hanyarka ba ta aiki ba. Akwai malaman da ke bin ta kuma yaransu na ganewa, muddin ranar da radiyan ya zo an auna shi da hannu kafin a rubuta π.

Malama Rabi:
Ni ina tsakiya. A SS2 nakan rubuta suna uku a kan kowane ɗigo, misali 150°, 5π/6, 2.62, kuma ba na yarda a bar na ukun. Shi ne wanda littattafai suka fi tsallakewa.

Malama Hadiza:
Darasi biyu nake da su a jere ranar Laraba. Zan yi takardar giraf da tef a na farko, da kamfas ɗin Abdul, ba π sai sun kai 3.14 da kansu. Na biyu 30° da 150° da naɗe takarda. Rubu'i na uku da na huɗu sai mako mai zuwa. Abin da ban yanke ba shi ne tan. In sa shi a matsayin y a raba da x kawai, ko akwai inda ake ganinsa a zanen?

Malam Lawal:
Ana ganinsa. Ki ja layi a tsaye ta kan mafari, inda x = 1, ki miƙar da rediyos har ya taɓa shi. Tsayin wurin da ya taɓa shi ne tan. A 45° santimita 10 cif, a 60° santimita 17.3, ya riga ya kusa fita daga takardar, a 90° kuma layukan biyu ba sa haɗuwa. Amma kada ki haɗa shi da na Laraba, takardar da aka kwantar ba ta da tsayin da zai ɗauke shi. Ki ware mashi takarda a tsaye, rubu'i na farko kawai.

Abdul:
Malam, a rubu'i na biyu fa? Rediyos ɗin hagu ya nufa, ba zai taɓa layin x = 1 ba.

Malam Lawal:
Ka miƙar da shi ta baya, ya ratsa tsakiya ya sauka dama. Gwada da 150° ka gaya mana a ina ya taɓa layin, sama ko ƙasa, kuma santimita nawa.